Kaurin sharaɓar tsoho mai rauni: abin da tef yake nunawa da abin da yake ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa kai yaro asibitin tamowa ya san tsirin awon nan mai launin ja da rawaya da kore da ake zagaya wa damtsen yaro, wanda idan ya tsaya ƙasa da santimita 11.5 ma'aikaciyar lafiya ta san lamarin ya tsananta ba tare da ta jira wani gwaji ba. Likitocin tsofaffi ma suna da nasu awon mai kama da wannan, sai dai su ba damtse suke zagayawa ba, sharaɓa suke aunawa, wato tudun naman da yake bayan ƙwauri tsakanin gwiwa da idon sawu. Dalilinsu shi ne tsokar ƙafa tana cikin waɗanda suke fara zubewa idan mutum ya tsufa ya rage tafiya, kuma sharaɓa wuri ne da ake iya kaiwa gare shi ko tsoho yana zaune ko yana kwance, ba sai an ɗora shi a kan sikeli ba. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonsa na 1995 kan awon jiki, ya ce a cikin awon da ake yi da tef kaurin sharaɓa ne ya fi saurin nuna raguwar tsoka a jikin tsofaffi.

Zubewar tsoka da ƙarfi saboda tsufa tana da suna a likitance, sakofeniya, sunan da Irwin Rosenberg ya raɗa mata a 1989 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin nama da ƙaranci. Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen auna yawan tsoka ita ce na'urar DXA, wadda take haska jiki duka ta raba shi zuwa ƙashi da kitse da nama, sai kuma na'urar da take tura ɗan ƙaramin lantarki ta cikin jiki ta ƙiyasta. Ta farkon tana da tsada kuma sai a manyan asibitoci, ta biyun kuma tana rikicewa idan ruwan jiki ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Saboda haka ƙungiyar masanan Turai da take tsara yadda ake gane wannan cuta ta yarda, a matsayarta ta biyu da aka buga a 2019, cewa inda babu na'ura ana iya amfani da kaurin sharaɓa a madadi, ta kuma ambaci santimita 31 a matsayin iyaka.

Kafin a yi maganar iyaka, yana da kyau a san yadda ake awon, domin yawancin kurakurai a hannun mai awo suke faruwa. Ana zaunar da tsoho a kan kujera, gwiwa a lanƙwashe daidai kusurwa, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, ƙafar a sake ba a ɗaure tsokar ba. Idan yana iya tsayuwa ana iya auna shi a tsaye, nauyinsa a rabe a kan ƙafafu biyu, idan kuma yana kwance sai a ɗaga gwiwar a kafa tafin ƙafa a kan shimfiɗa don kada katifa ta danne naman. Dole tef ya hau fata kai tsaye, ba kan wando ko safa ko zane ba, kuma a gidajenmu ya fi dacewa mace ta auna tsohuwa. Ana zagaya tef a inda sharaɓar ta fi tudu, a daidaita shi kada ya karkace, sannan a matsa da shi sama kaɗan da ƙasa kaɗan har a tabbatar an samu wurin da ya fi kauri, a karanta har zuwa milimita. Tef ɗin ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba, kuma wannan yana da wuya a jikin tsoho fiye da yadda ake zato, saboda fatarsa sakakkiya ce, ɗan jan da ba ka ji a hannunka ba yana iya cinye rabin santimita. Tef na tela yana yin aikin idan bai tsufa ya miƙe ba, amma yawancinsa fuska biyu gare shi, ta inci da ta santimita, kuma santimita 31 inci 12 ne da ɗan ɗoriya, 33 kuma kusan inci 13. A rubuta ƙafar da aka auna, da yanayin da aka auna ta, da lokacin yini, don wanda zai sake awon bayan wata uku ya maimaita daidai yadda aka yi.

Lambar 31 ta samu karɓuwa ne musamman bayan wani bincike da Yves Rolland da abokan aikinsa suka buga a 2003, inda suka auna mata 1,458 masu shekara 70 zuwa sama a Faransa, da tef da kuma na'urar DXA. Sun ga kaurin sharaɓa yana tafiya tare da yawan tsokar hannuwa da ƙafafu, amma tafiyar ba ta ƙut da ƙut ba ce: ma'aunin dangantakar ya tsaya a 0.63, wanda yake nufin kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai na bambancin tsoka tsakanin mace da mace tef yake iya bayyanawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a cikin matan da na'ura ta tabbatar tsokarsu ta yi ƙasa, iyakar 31 ta kama kusan kashi 44 ne kawai, yayin da a cikin masu isasshiyar tsoka ta wanke kusan kashi 91. Sun kuma ga cewa matan da sharaɓarsu ba ta kai 31 ba sun fi fama da gazawa a hidimar yau da kullum.

Waɗannan lambobi biyu, 44 da 91, sun cancanci a zauna a kansu, domin ma'anarsu tana canzawa gwargwadon mutanen da ake aunawa. A ɗauka an tara tsofaffi mata 1,000 masu lafiya da suke zirga-zirgarsu, waɗanda 100 kawai a cikinsu ne tsokarsu ta zube. Tef zai kama 44 daga cikin ɗarin nan, amma zai kuma zargi kusan 81 daga cikin 900 da ba su da matsala, ke nan a cikin kowace uku da ya nuna, kusan biyu siraran ƙafa ne kawai na halitta. Yanzu a ɗauka matan 1,000 masu rauni ne, irin waɗanda ake kwantarwa a asibiti ko ake riƙe wa hannu zuwa banɗaki, kuma 400 a cikinsu tsokarsu ta zube. Tef zai kama 176 na gaskiya, ya zargi 54 a banza, ke nan uku cikin huɗu na waɗanda ya nuna da gaske ne. Sai dai kuma zai bar 224 su wuce a matsayin lafiyayyu alhali ba lafiyayyun ba ne. Wannan lissafi na misali ne, amma darasinsa shi ne ginshiƙin dukan maganar: a jikin tsoho mai rauni, ƙaramar lamba abin gaskatawa ce, babbar lamba kuwa ba ta wanke kowa ba.

Wannan rauni na iyakar 31, tare da cewa a jikin mata kaɗai binciken Rolland ya gwada ta, shi ya sa wasu suka ɗaga ta. Bincike a Japan da wani a garin Pelotas na ƙasar Brazil sun kai ga lambobi kusan iri ɗaya, 34 ga maza da 33 ga mata, kuma ƙungiyar masanan Asiya ta ɗauki waɗannan a matsayarta ta 2019 don tace waɗanda ya kamata a ƙara bincika. Ita kuwa 31 ta zauna daram a takardar tantance tamowar tsofaffi da ake kira MNA, wadda a gajeren tsarinta na 2009 aka yarda a yi amfani da sharaɓa idan ba a iya auna nauyi da tsawo ba. Saboda haka ba saɓani ba ne idan ma'aikacin lafiya ya ga 31 a wata takarda ya ga 34 a wata. Ta sama raga ce mai ƙananan idanu da aka shimfiɗa don kada mutane da yawa su kuɓuce, ta ƙasa kuma alama ce cewa abin ya riga ya yi nisa. Ya kamata dai mai aunawa a Kano ko Maraɗi ya tuna cewa daga jikin Faransawa da Japanawa da mutanen Brazil da Amurka aka ciro waɗannan lambobi, kuma siffar ƙafa tana bambanta tsakanin jama'a, har tsakanin dogo da gajere a gida ɗaya. A ganina, kwatanta tsoho da awon kansa na watannin baya ya fi kwatanta shi da lambar wata ƙasa amfani.

Dalilin da ya sa babbar lamba take yaudara a fili yake idan aka tuna abin da tef yake zagayawa. Ba tsoka kaɗai ba ce a ciki, akwai ƙasusuwa biyu, da fata, da kitsen ƙarƙashin fata, da duk ruwan da ya taru a wurin. Lissafin da'ira ya nuna cewa idan wani abu ya ƙara kaurin santimita ɗaya a duk kewayen ƙafa, tef zai ƙaru da fiye da santimita 6. Ke nan ruwa ko kitse mai kaurin milimita 3 kacal, wanda ido ba zai lura da shi ba, ya isa ya ƙara kusan santimita 2, kuma tazarar da take tsakanin 31 da 33 ke nan gaba ɗaya. Akwai kuma kitsen da yake kutsawa cikin tsokar kanta idan ta tsufa, kamar yadda ake ganin zane-zanen fari a cikin jan nama a wurin mahauci, wanda yake riƙe girman sharaɓa alhali ƙarfinta ya tafi.

Don gyara matsalar ƙiba, Maria Cristina Gonzalez da abokan aikinta sun yi amfani da awon dubban Amurkawa da aka tattara daga 1999 zuwa 2006, suka buga wata ƙa'ida a 2021. Ana fara lissafa ma'aunin nauyi da tsawo da ake kira BMI, wato a raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Idan sakamakon yana tsakanin 25 da ƙasa da 30 sai a cire santimita 3 daga awon sharaɓa, idan yana tsakanin 30 da ƙasa da 40 a cire 7, idan ya kai 40 a cire 12, sannan a kwatanta abin da ya rage da iyaka. Sun kuma ba da matakai biyu: ƙasa da 34 ga namiji ko 33 ga mace raguwa ce matsakaiciya, ƙasa da 32 ga namiji ko 31 ga mace kuma mai tsanani. Game da kumburi kuwa, wani bincike a wani asibitin Japan da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa kumburin ƙafa yana ƙara kimanin santimita 2 ga maza da 1.6 ga mata, amma wannan matsakaici ne, kumburin wani ya ninka na wani.

A ɗauki misalin wata tsohuwa mai shekara 78, mai hawan jini, wadda 'yarta ta kawo saboda ta faɗi sau biyu a tsakar gida kuma yanzu sai an kama ta take tashi daga kan tabarma. Nauyinta kilo 68, tsawonta mita 1.55, sharaɓarta ta hagu santimita 34.5, ta dama 34.2. Mai gaggawa zai ce ta haye 33, ya rufe maganar tsoka. Amma idan aka raba 68 da 1.55 aka sake rabawa da 1.55 za a samu kusan 28.3, saboda haka sai a cire 3, awon ya dawo 31.5, wanda yake ƙasa da iyakar mata kuma dab da mataki mai tsanani. Sai ma'aikaciyar ta danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri na 'yan daƙiƙoƙi ta ɗaga, ta ga rami ya zauna a ƙafafu biyun. Da ta tambayi magungunan da ake sha, sai aka nuna mata amlodifin, maganin hawan jini da aka san yana kumbura ƙafa, ko da yake ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta da ƙarancin sinadarin gina jiki a jini duk suna iya yin haka, kuma aikin likita ne ya tantance wanne ne. Idan aka ƙara cire 1.6 lambar za ta sauka zuwa kusan 30, amma ba na son a riƙe wannan lamba ta ƙarshe da ƙarfi, domin ruwan da ya kumbura ƙafar yana cikin kilo 68 ɗin da aka yi lissafi da su, kuma ba a gina gyare-gyaren biyu don a ɗora ɗaya a kan ɗaya ba. Abin da za a rubuta da gaskiya shi ne: an auna 34.5, bayan gyaran ƙiba 31.5, akwai kumburi, saboda haka ainihin lambar ta fi haka ƙanƙanta, a sake awo da safe bayan an shawo kan kumburin.

Wannan tsohuwa tana nuna wani tarko da yake cikin takardar tambayoyi da ake kira SARC-CalF, wadda masu binciken Pelotas suka fitar a 2016. Takardar tana da tambayoyi biyar kan ɗaukar kaya, da tafiya a cikin ɗaki, da tashi daga kujera, da hawa matakala, da faɗuwa, kowace tana ba da maki daga sifili zuwa 2, sannan siririyar sharaɓa tana ƙara maki 10, kuma ana zargin cutar idan jimla ta kai 11. Duk wanda ya lissafa zai ga cewa tambayoyin biyar ba sa wuce maki 10 ko da an cinye su duka, ke nan mai sharaɓar da ta haye iyaka ba zai taɓa kaiwa 11 ba, komai yawan faɗuwarsa. Idan aka saka 34.5 na tsohuwar nan yadda yake, takardar za ta sallame ta.

Shi ya sa awon ba ya tsayawa shi kaɗai. Matsayar Turai ta 2019 ta sa ƙarfi a gaba da yawan tsoka, saboda ƙarfi yana zubewa da sauri fiye da nama kuma shi ya fi hango wanda zai faɗi ko ya kwanta. Inda akwai na'urar matsa hannu, ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace rauni ne. Inda babu, kujera da agogo sun isa: tsoho ya harɗe hannuwa a ƙirji ya tashi ya zauna sau biyar, idan ya wuce daƙiƙa 15 ƙarfin ƙafarsa ya yi ƙasa, masanan Asiya kuma a matsayarsu ta 2019 sun sa iyakar a daƙiƙa 12. Tsohuwar da ba ta iya tashi ko sau ɗaya sai da tallafi ta riga ta faɗi wannan gwaji, tef kuma ya zo ne ya nuna cewa a ƙarƙashin jikin da 'yan uwa suke gani a murje, naman da yake ɗaukar ta ya ragu.

Akwai akasin wannan misali, kuma a nan ne nake ganin ana iya amfani da ƙa'idar Gonzalez ba daidai ba. Ƙa'idar ta ce idan BMI bai kai 18.5 ba a ƙara santimita 4. A ɗauka dattijo ne mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 50, wanda BMI ɗinsa kusan 17.3 ne, sharaɓarsa kuma 30. Idan aka ƙara 4 zai koma 34, ya tsaya a bakin iyaka kamar ba abin da ya same shi. Ƙarin yana da ma'ana ga mutumin da siriri ne tun yana saurayi kuma lafiyarsa ƙalau, amma ga dattijon da rigunansa suka yi masa yawa a shekara ɗaya saboda tarin fuka ko ciwon daji ko rashin ci, ramar ita ce cutar da ake nema, kuma ƙara masa santimita 4 share shaida ne. A irin wannan hali a bar 30 a matsayin 30.

Bambanci tsakanin ƙafafu biyu ma yana da labarinsa. Ƙafar da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, ko wadda shan inna ya shanye tun ƙuruciya, ko wadda ta daɗe a ɗaure bayan karaya, za ta fi 'yar uwarta sirantaka, kuma ba ta wakiltar sauran jiki, don haka lafiyayyar ake aunawa. Ƙafar da tundurmi ya kama ba ta aunuwa ko kaɗan. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura a cikin 'yan kwanaki, da zafi ko ciwo, musamman ga wanda ya daɗe a kwance, a ajiye maganar tsoka a kai shi asibiti a ranar, domin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, wanda gudansa yake iya ɓallewa ya toshe huhu.

Masu bincike a Jami'ar Tokyo sun rage awon har ya koma ba tef, a wani aiki da suka yi da tsofaffin garin Kashiwa: mutum ya haɗa manyan yatsunsa biyu da manuniya biyu su zama zobe, ya zagaya sharaɓarsa inda ta fi kauri. Idan yatsun ba su haɗu ba sharaɓar ta fi zoben, idan sun haɗu daidai an fara kusantar haɗari, idan kuma har da sarari ya rage to wannan rukuni ne aka fi samun zubewar tsoka a cikinsa. Hikimar ita ce hannun mutum yana tafiya da girman jikinsa kuma ba ya canzawa sosai da tsufa, sai ya zama ma'aunin da aka yanka daidai da mai shi, kuma saboda haka yatsun tsohon ne za su yi zoben, ba na jikansa ba. Kumburi da ƙiba suna yaudarar yatsu kamar yadda suke yaudarar tef.

Saura batun bibiya. An taɓa kwantar da lafiyayyun tsofaffi kwana 10 a gado a wani gwaji a Amurka da aka buga a 2007, suka rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu. Wannan asara ce babba, amma ta rabu tsakanin cinyoyi biyu da sharaɓa biyu, kuma abin da zai bayyana a tef yana iya zama bai wuce kuskuren hannun mai awo ba. Don haka tef ba ya amsa tambayar mako guda, kuma bambancin milimita 3 ko 4 tsakanin awon jiya da na yau ba labari ba ne. Amma idan mutum ɗaya ne yake aunawa, ƙafa ɗaya, a zaune, da safe, ya ga 33 ta koma 32 sannan 31 a cikin wata shida, wannan gangara ce ta gaske. Faɗin yankin sharaɓa mai kewayen santimita 33 kusan murabba'in santimita 87 ne, na mai 31 kuma kusan 76, ke nan kusan kashi 12 cikin 100 sun tafi, kuma tunda ƙashi bai ragu ba, asarar naman da kitsen da suke kewaye da shi ta fi wannan kaso. Irin wannan tsoho yana buƙatar a binciki abin da yake cinye shi, a duba haƙoransa da abin da yake iya taunawa da haɗiyewa, a ƙara masa wake da ƙwai da kifi da nono gwargwadon abin da ƙodarsa za ta ɗauka, a kuma sa shi atisayen tashi da zama da ɗaga dunduniya yana dafe da bango, a sake auna shi bayan wata uku da tef ɗin da aka fara da shi.